Romon Inna Mai Kifi

A layinmu, in rana ta yi sanyi, hanci ne ke fara sanin Inna Mai Kifi ta fito kafin ido ya gan ta. Rumfarta tana kusurwa, kusa da shagon mai faci: kwano biyu na rufi, benci ɗaya mai gurguwar ƙafa, murhu na duwatsu uku, da wani baƙin kasko da ya girmi yawancin masu sayen kifin. Nan ta yi ƙuruciyarta, nan furfura ta same ta.

Wanda bai taɓa tsayawa ya kalli yadda take suya ba ya yi asarar kallo. Faskare busasshe kawai take sawa, sirara, ta gicciya su yadda iska za ta ratsa ta ƙasa. Sai harshen wuta ya lashi gindin kasko ko'ina, sannan ta jefa ɗan yankin albasa cikin mai. In ya nutse ya yi shiru, da saura. In ya taso nan take yana rawa da ƙananan kumfa, to lokaci ya yi. Ba ta cika kasko da kifi, domin ta ce kifi mai yawa yana kashe zafin mai, shi kuma mai in ya huce sai ya shige cikin kifi ya yi zamansa. Da ta zuba, sai ta iza wuta, ta bi ta da mafici, don zafin da ɗanyen kifi ya sha ya dawo da wuri. Da ta ga mai ya soma hayaƙi, sai ta zare itace ɗaya da ƙafa, ko kallonsa ba ta yi. Kifinta waje ƙaras, ciki laushi, ka ci ka duba yatsunka ka rasa maiƙon kirki.

Hannun dama na matsami ne, na hagu na mafici. Wannan na hagun ya daɗe da daina neman izininta. Tana ciniki yana fifita, tana faɗa da mai faci yana fifita. An taɓa ganinta a layin asibiti tana fifita gwiwarta da katin ganin likita, alhali ana sanyi.

Sai dai Allah bai haɗa wa kowa komai ba. Inna Mai Kifi wuta ɗaya ta sani a duniya, mai ci balbal. A wurinta, wutar da ba ta da harshe ta mutu, saura a yi mata addu'a. Haka take dafa shinkafa, haka take dafa wake, haka take dafa nama. Tukunyarta ba tafasa take yi ba, dambe take da murfi. Ruwa ya ƙone ta ƙara na randa, ya sake ƙonewa ta sake ƙarawa, in ta gaji ta sauke ta ce ya dahu. Naman kuwa sai ka yi masa sallama kafin ka cije shi, in ya ga dama ya amsa.

Abin bai taɓa zama magana a gidan ba. Da farko uwar mijinta ce ke riƙe da tukunya, ita tana rumfa. Da tsohuwar ta rasu, 'yarsu ɗaya tilo ta riga ta tasa, ta karɓa. Da aka yi wa 'yar aure ta tafi nesa, sai aka bar Inna da mijinta, shi kuma mutum ne mai haƙora da haƙuri.

Mijin nata shi ne Baba Mai Guga. Ɗan siriri, mai magana ƙasa-ƙasa, wanda ya yi rayuwarsa a wani ɗan shago a bayan gidan, tsakanin teburi mai shimfiɗe da bargo da dutsen guga na gawayi. Shi ma ma'aikacin wuta ne, amma tasa wutar ba wanda ya taɓa jin muryarta. Gawayi kaɗan, jajir a ƙarƙashin farar toka, ya kai shi rabin yini bai ƙona rigar kowa ba. Yana kiran matarsa Gobara. Ita kuma tana ce masa Malam a gaban mutane, in su biyu ne ta ce masa Toka.

Bara aka yi masa aiki a ciki. Ya dawo gida kamar rigar da aka wanke aka manta ba a sa mata sitaci ba, ga shi rashin lafiyar ta tafi da ƙarfin haƙoran da suka rage. Likita ya ce ba soye-soye, ba maiƙo, sai abu mai ruwa-ruwa mai laushi: romon nama da aka dafa har ya saki, dankali, irin waɗannan.

Inna ta ce wannan ai ba aiki ba ne. Ta sayo nama mai ƙashi, ta kinkimo faskaren rumfa, ta haɗa wuta a tsakar gida kamar za a soya kifin layi duka. Romon ya fito fari-fari, gauraye da kumfa, da ɗan ƙauri a ƙasa. Baba Mai Guga ya kurɓi ruwan, ya juya naman a baki ta wannan gefe, ya juya ta wancan, ya faki idonta ya mayar cikin kwano.

"Ka ci mana, Toka."

"Na ci. Cikin ne ya zama ɗan ƙarami."

Haka aka yi ta yi. Yana ramewa, tana ƙara itace, don a ganinta in nama bai yi laushi ba, wuta ce ta yi kaɗan.

Ana cikin haka Yaya ta zo. Yaya ita ce babbar yayar Baba Mai Guga, ita ta goye shi, kuma har yau kallon ɗan goye take masa. Ita kaɗai ce a duniya ke kiran Inna Mai Kifi da Amarya, da irin muryar da ke nuna ba ta gama yanke shawara a kan auren ba. Ta shigo da kula a hannu, ta zauna bakin gado, ta zuba masa romon da ta dafo daga gidanta. Ruwan garau, naman yana rabuwa da cokali. Baba Mai Guga, bawan Allah, ya manta da matarsa da ke tsaye a bakin ƙofa. Ya shanye, ya kuma leƙa cikin kular.

Yaya ta tashi ta ɗaga murfin tukunyar gidan, ta tsamo tsoka ɗaya, ta matsa ta da yatsa.

"Amarya, wannan na ci ne ko na facin taya?"

"Naman ne tsoho, Yaya."

"Wurin mahauci ɗaya muka saya. Duba wuyan yaron nan. Ni ba zan zuba ido ba. Ranar da babban ɗana yake hutu zai zo da mota, in tafi da ƙanena gidana har ya murmure. Ke ki ji da kifinki."

Yaron nan, a lokacin, gemunsa ya fi audugar matashi fari.

Inna ba ta fita rumfa ran nan ba. Tun da aka ɗaura musu aure, ita da mijinta ba su taɓa raba rufi ba, sai kwanakin asibiti, su ma a ƙasan gadonsa ta yi su. Kuma ta san gidan Yaya: wanda ya shiga jinya, sai Yaya ta ce ya warke, Yaya kuwa ba ta cika ganin mutum ya warke ba. Ga maganar layi. Mace ta ciyar da unguwa shekara da shekaru, a ce an ɗauke mata miji saboda yunwa.

Ta shiga ɗaki ta tsaya a kansa.

"Toka, tafiya za ka yi?"

"Ni da ba na iya zuwa bakin ƙofa, ina ni ina tafiya? Ɗaukata za a yi."

"Kana so?"

"Gidan da ake kashe fitila tun kaji ba su kwanta ba? A'a."

"To me ya hana ka cin nawa?"

Mutumin da ya yi shekaru yana taunar magana tare da nama, ba rana ɗaya zai furzar ba.

"Gobara, naman naki ba ya dahuwa. Tsoro yake ji, sai ya dunƙule."

"Tun yaushe?"

"Tun ina da haƙora."

Ta zauna a bakin gado. Hannun hagu ya ɗauki murfin kwano ya soma fifita, ita ba ta sani ba.

"Shi ne ba ka taɓa faɗa ba."

"Ina zan faɗa, ga kifi? Wanda ke cin kifinki kullum ai ba ya ƙorafin nama."

Wannan ta ɗan sanyaya ta. Ta ce to ya faɗa mata yadda Yaya ke yi. Ya ce shi bai san girki ba, amma ya san wuta, kuma ya ga yadda tsohuwarsu ke yi yana yaro. Ya ce ta bar faskare, ta ɗauko kurfotinsa na shago, wato ɗan murhun ƙarfen da yake hura gawayin guga, da buhun gawayinsa.

Washegari ta gwada ita kaɗai, yana ba ta umarni ta taga. Ya ce in ya tafasa ta rufe garwashin da toka. Inna ba ta iya yin abu rabi-rabi ba. Ta kwashi toka cike da kwano ta juye, ta danne, ta fita sayen kankana. Ta dawo ta tarar da tukunya ta huce, mai ya kwanta a sama, wuta ta mutu mutuwar gaske.

"Ga irin taka wutar nan," ta ce ta taga.

"Na ce ki lulluɓe ta, ban ce ki binne ta ba."

Ta ce tunda haka ne, bari ta shigo da kurfotin ɗaki ya gani da idonsa. A nan ne muryar Baba Mai Guga ta ɗan tashi, abin da ba a saba ji ba. Ya ce gawayi ba ya shiga ɗakin da ake rufewa, ko da wasa. Ba ya hayaƙi, ba ya wari, amma yana cinye iskar mutum, daga ciwon kai sai barcin da ba a tashi. Shi da ya yi rayuwarsa da gawayi bai taɓa rufe ƙofar shago da tagarsa yana aiki ba. In dai sai ya gani, to shi a fitar da shi.

Ranar da motar za ta zo da yamma, tun da hantsi ta kira mai faci suka tallabo shi zuwa baranda, suka jingina shi da matasai a kan tabarma. Aka ajiye kurfoti a tsakar gida, inda idonsa ke kaiwa.

Ya sa ta zaɓi gawayi da hannu. Masu nauyi, waɗanda in an gwara su suke ƙara kamar tangaran, su ne ke daɗewa. Marasa nauyi tartsatsi ne da su, su ci da wuri su bar mutum. Ta hura, ta buɗe 'yar ƙofar iska ta ƙasa, ta fifita iya son ranta, shi kuma ya ƙyale ta, don a wannan gaɓar ana son wuta mai ƙarfi. Ta ɗora nama da ƙashi cikin ruwan da ya sha kansu sosai. Da ya tafasa, kumfa mai duhu ta taso, ya ce ta kwashe ta da ludayi kafin ta koma ciki. Sannan albasa, citta, ɗan gishiri.

"To yanzu sauke tukunyar. Kwashe rabin garwashin ki zuba a tsohon kaskon can. Sauran ki baje su. Ɗebo toka da cokali, ki barbaɗa kamar kina sa gishiri, har jan ya dusashe amma kina hango shi. Tura ƙofar iskar, ki bar kamar faɗin yatsa."

Ta yi, ta mayar da tukunya, ta rufe, ya ce ta ɗan karkata murfin kaɗan. Ihun tukunyar ya ragu, ya ragu, har ya koma wani ɗan ɓul, shiru, ɓul.

Inna ta ɗaga tukunya ta leƙa ƙasa.

"Ta mutu."

"Kawo bayan hannunki kusa."

Ta kai, ta janye da sauri.

"Matacce yana cizo?" ya ce.

Ta zauna a kujera 'yar tsugunne, ta zuba wa kurfoti ido kamar mai gadin fursuna. Baba Mai Guga ya ɗan lumshe ido. Bai daɗe ba ya ji tukunya ta soma zabalbala, murfi yana kaɗawa. Ya buɗe ido ya ga toka tana tashi, garwashi ya yi jajir, hannun hagu yana bakin aikinsa.

"Gobara."

"Na'am."

"Dubi hannunki."

Ta duba, ta ga mafici, ta yi masa kallon abin da aka saka mata a hannu tana barci. Ta jefar. Aka sake barbaɗa toka. Kafin wani lokaci, murfin roba ya maye gurbin mafici. Aka ƙwace murfin roba, gefen zane ya karɓa. Ba taurin kai ba ne. Kunnenta ne ya saba, in ya ji wuta ta yi shiru sai ya aika wa hannu, ba ya bi ta kanta.

Baba Mai Guga ya yi nazari, sannan ya yi ɗan nishi.

"Ƙafafun nan sun yi mini nauyi. Ko za ki ɗan matsa mini?"

Ta taso da sauri, ta zauna a tabarma, ta ɗora ƙafafunsa a cinyarta. Ta matsa ta dama, ya ce ta hagu. Ta matsa ta hagu, ya ce ta daman ta yi kishi. Duk sanda ya ga idonta ya koma kan kurfoti, sai wani sabon wuri ya soma ciwo: idon sawu, diddige, ɗan yatsan da bai taɓa damun kowa ba.

"Toka, anya ciwon nan na gaskiya ne?"

"Likita ya ce yana yawo."

Ta gane, amma ba ta tashi ba. Rabon da su zauna haka da rana, ba mai jiran kifi, ba mai jiran riga, sun kasa tunawa. Suka yi hirar 'yarsu, da mijinta mai yawan gaisuwa. Suka yi gardama kan launin ƙofar gidan da suka fara haya, ya ce shuɗi, ta ce kore, aka bar shi a kan ƙofar ba ta da fenti. Can, hannunta a kan ƙafarsa da ta zama kamar sanda, ta ce:

"Da ka mutu a asibitin nan, da ban yafe maka ba."

"Shi ya sa na fasa."

Lokaci-lokaci yakan saurara. In ya ji ɓul ɗin ya yi nisa da ɗan'uwansa, sai ya sallame ta ta je ta sa gawayi ɗaya ko biyu a gefen garwashin, ba a tsakiya ba, don su kama a hankali kada zafi ya faɗi ko ya yi tsalle, ta ɗan zungura ƙasa tsohuwar toka ta zube. Da ruwa ya ɗan ja baya ta nufi randa, ya ce a'a, ga buta can da ya sa ta ɗora a kan garwashin da aka kwashe, ruwan zafi ake ƙarawa, na sanyi yana katse dahuwa. Sau ɗaya kawai aka ƙara. Ita da ta saba ɗurawa tukunya rabin randa, abin ya ba ta mamaki, har ta ce ko tukunyar ce ta tuba.

Da rana ta karkata aka zuba dankali. Da ya nuna, ta sa cokali ta taɓa naman, sai ya zame daga jikin ƙashi ya faɗa cikin romo da kansa. Ta tsaya tana kallonsa.

"Ji munafuki," ta ce. "Ashe yana iyawa."

Ya ce ta yaye man da ya taru a sama, saboda likita. Wannan kam ba a koya mata ba, ta san mai fiye da kowa, ta kwashe shi tas.

Motar ta tsaya a ƙofar gida kafin magariba. Yaya ta shigo da kularta, ɗanta a baya yana naɗe hannun riga don ɗaukar kawunsa. Suka tarar da Baba Mai Guga a baranda da kwano a cinya, yana murƙushe nama da dasashi, romo yana bin gemu. Inna tana gefe, ta zauna a kan hannunta na hagu.

Yaya ta ajiye kula. Ta karɓi cokalin daga hannunsa ba tare da ta tambaya ba, ta kurɓa, ta ɗauki tsoka ta matsa. Ta kalli kurfoti, ta kalli ƙaninta, ta kalli Inna.

"Wa ya dafa?"

"Ni, Yaya."

"Gishiri ya yi kaɗan."

"Likita ne ya ce a rage," in ji Baba Mai Guga, yana miƙa hannu a ba shi cokalinsa.

Yaya ta zauna. Ta bar shi ya gama, ta ga an ƙara masa, ta ga ya cinye ƙarin. Ɗanta yana tsaye yana kaɗa makulli, bai san ko ya ɗauki kawu ko ya gaishe shi ba.

"Je ka," ta ce masa. "A bar shi a ɗakinsa."

Inna ta sauke numfashi, har ta buɗe baki za ta yi godiya.

"Amma ka biya gida ka ce a haɗo mini kayana, ka kawo gobe. Zan zauna nan in ga ko Amarya za ta iya maimaitawa, ko yau ɗin sa'a ce."

Baba Mai Guga ya duƙar da kai cikin kwano, kafaɗunsa suna rawa saboda dariya. Inna ta ce, "Gidanki ne, Yaya," da muryar da ta fi kowace wuta da ta taɓa hurawa sanyi, ta tashi ta je share ɗakin 'yarta.

Yaya ta yi zamanta har sai da ƙaninta ya koma shago yana goge 'yan riguna marasa nauyi. Ba ta taɓa cewa romon ya yi daɗi ba. Kullum dai da yamma takan aika rumfa a karɓo mata kifi biyu, ta ce na tsakiya, don tana so ta duba ko man yana da kyau.